Yadda na gyara sensa da ta ƙi magana da PLC

Sensa mai waya 3 tana kunna fitilarta idan ƙarfe ya matso, amma ƙofar shigarwa ta PLC, kwamfutar da ke sarrafa inji, shiru. Sensar PNP ce, wato mai bayar da wuta: idan ta kunnu, baƙar wayarta tana fitar da +24V. Da na auna COM na katin shigarwa, wato mahaɗar da ƙofofinsa ke tarayya a kai, sai na tarar shi ma yana kan +24V. Mai bayarwa ya haɗu da mai bayarwa ke nan, wuta ba ta da inda za ta bi ta koma.

Katin yana aiki ko COM na kan +24V ko kan 0V, don haka na kashe wuta, na mayar da COM kan 0V ya zama mai karɓa. Nan take ƙofar ta kama. Da sensar NPN ce, wato mai karɓar wuta, haɗin farko daidai yake, tunda ita zuwa 0V take janyewa.