Yadda Ake Gano Mai Faɗa-a-ji a Cikin Jama'a: Yawan Hulɗa, Kusanci ko Zama Gada

A ce kuna da ƙungiya a Ƙofar Guga cikin birnin Katsina, kun shirya gwajin hawan jini kyauta ranar Asabar, kuma mutum ɗaya kawai za ku iya zama da shi ku yi masa cikakken bayani don ya kai wa saura. Wa za ku zaɓa? Yawancinmu za mu ce mai shayi, tunda kowa teburinsa yake zuwa. Wani lokaci amsar ke nan, wani lokaci kuma a'a. Masu nazarin hulɗar jama'a suna da ma'auni uku na wannan aiki, waɗanda masanin zamantakewa Linton Freeman ya jera su wuri guda a ƙarshen shekarun 1970, kuma kowanne tambayarsa daban. Ga yadda ake lissafa su da biro da takarda, sannan da kwamfuta.

Mataki na farko: tambaya ɗaya, taswira ɗaya

Kafin lissafi, tsayar da abin da kake nufi da hulɗa. Sanin mutum daban, zama da shi daban, cin bashinsa kuma daban. Idan ka gauraya su, taswirar za ta cika da layukan da labari ba ya bi. A misalinmu tambayar ita ce: da wa kake zama ku yi hira aƙalla sau ɗaya a mako? Kowane mutum ɗigo ne a takarda, kowace hulɗa layi ce tsakanin ɗigo biyu.

Mutum tara ne, layuka 13. Mai shayi yana zama da wanzami, mai wanki, makaniki, tela da malami. Wanzami yana zama da mai wanki da tela. Mai wanki yana zama da makaniki. Tela yana zama da malami da direba, malami ma yana zama da direban. Shi direba hanyar Jibiya yake bi, can yake da wani dillali, dillalin kuma yana da wani manomi. Ka zana wannan kafin ka ci gaba da karatu, abin zai fi zama maka.

Mataki na biyu: yawan hulɗa

Wannan ba wuya. Ƙirga layukan da suka taɓa kowane ɗigo. Mai shayi 5, tela 4, wanzami da mai wanki da malami da direba 3 kowannensu, makaniki da dillali 2, manomi 1. In kana son kwatanta da wata taswira mai yawan mutane daban, sai ka raba da adadin sauran mutane, wato 8 a nan. Mai shayi ya samu 0.625.

Ma'aunin yana gaya maka mutum nawa za su ji kai tsaye daga bakin mutum yau ɗin nan. Amma iyakar ganinsa ƙofar gida. Bai damu da ko abokan nan biyar duk 'yan majalisa ɗaya ne da suka riga suka san juna ba.

Mataki na uku: kusanci

Yanzu sai mu ƙirga zango. Daga mutum zuwa wanda yake zama da shi zango ɗaya ne, zuwa abokin abokinsa zango biyu, kuma kullum hanya mafi gajarta ake ɗauka. Ka tara zangon da ke tsakanin mutum da kowa da kowa, sannan ka raba 8 da jimillar.

Ɗauki tela. Mutum huɗu suna zango ɗaya da shi, 4 ke nan. Mai wanki, makaniki da dillali zango biyu-biyu, 6. Manomi zango 3. Jimilla 13, sai 8 a raba da 13, ya ba da 0.615. Mai shayi kuwa biyar ɗinsa sun ba shi 5, amma direba 2, dillali 3, manomi 4, jimilla 14, wato 0.571. Malami ma 14, direba 15, manomi can a ƙarshe da 27.

Ka ga tela ya wuce mai shayi duk da abokansa ba su kai nasa ba, domin ƙafarsa ɗaya tana majalisa, ɗaya tana wajen direba. Idan damuwarka ita ce saƙo ya isa ga kowa ba tare da ya ratsa bakuna da yawa ba, tela ne mutuminka. Kowa ya san yadda "ranar Asabar da safe" ke komawa "wani satin" in ta bi ta bakin mutum huɗu.

Sai dai ka lura da tazarar: 13, 14, 14, 15. Wannan halin kusanci ne, lambobinsa sukan cunkushe wuri ɗaya. Ni dai ba zan yi rantsuwa a kan bambancin zango ɗaya ba. Abin da zan ce shi ne tela, mai shayi da malami duk suna tsakiya.

Mataki na huɗu: zama gada

A nan ne aikin yake, kuma a nan aka fi yin kuskure. Tambayar ita ce: in mutum biyu za su isar wa juna da magana ta hanya mafi gajarta, sau nawa hanyar ke bi ta kan wane? Ka cire wanda kake aunawa, sauran mutum 8 ka haɗa su biyu-biyu, za ka samu haɗi 28. A kowane haɗi, idan gajeriyar hanya ɗaya ce tak kuma ta kansa ta bi, ya ci maki 1. Idan gajerun hanyoyi biyu ne masu tsawo ɗaya kuma guda ce ta bi ta kansa, rabin maki. Idan uku ne biyu suka bi, kashi biyu cikin uku.

Na direba ya fi sauƙi. Mutum shida na cikin gari ba su da hanyar isa ga dillali da manomi sai ta kansa, saboda haka 6 sau 2, maki 12. A raba da 28, ya zama 0.429.

Na mai shayi sai an natsu. Tsakanin wanzami da makaniki akwai hanya ta mai shayi, akwai ta mai wanki, rabi ke nan. Haka wanzami da malami, haka mai wanki da tela, an samu 1.5. Mai wanki da malami, makaniki da tela, makaniki da malami, duk ta kansa kaɗai, ƙarin 3. Daga makaniki zuwa direba, dillali da manomi dole a bi ta kansa, wasu 3. Daga mai wanki zuwa waɗannan ukun kuwa hanyoyi uku ne, biyu ta mai shayi ɗaya ta wanzami, kashi biyu cikin uku sau uku, 2 ke nan. Jimilla 9.5. Tela yana da 8.5, dillali 7, malami 4.

Wato direba, wanda a yawan hulɗa bai fi mai wanki da komai ba, shi ne kan gaba a nan. Gwada da yatsa: rufe ɗigon mai shayi, za ka ga har yanzu kowa na iya isa ga kowa, ta mai wanki da wanzami da tela, sai dai hanya ta ƙara tsawo. Rufe na direba, taswira ta tsage biyu, shida a gefe, biyu a gefe.

Mataki na biyar: bar wa kwamfuta

Da mutane sun haura ashirin, lissafin hannu ya zama wahalar banza. A `Python`, yaren rubuta manhajar kwamfuta, akwai wani kayan aiki mai suna `networkx` da ke yin wannan lissafi:

```python
import networkx as nx
G = nx.Graph([("shayi","wanzami"),("shayi","wanki"),
  ("shayi","makaniki"),("shayi","tela"),("shayi","malami"),
  ("wanzami","wanki"),("wanzami","tela"),("wanki","makaniki"),
  ("tela","malami"),("tela","direba"),("malami","direba"),
  ("direba","dillali"),("dillali","manomi")])
print(nx.is_connected(G))
print(nx.degree_centrality(G))
print(nx.closeness_centrality(G))
print(nx.betweenness_centrality(G))
```

Layuka ukun ƙarshe su ne yawan hulɗa, kusanci da zama gada, kuma za su ba ka lambobin da muka samu bayan rabawa. Kada ka tsallake `is_connected`. In ya ce `False`, akwai waɗanda babu wata hanya tsakaninsu da saura, kuma kusanci ya rasa ma'anarsa ta asali, don ba a tara zangon da babu shi. A irin wannan hali ka yi amfani da `nx.harmonic_centrality(G)`, wanda ke ba wa wanda ba a iya kaiwa gare shi sifili, ya wuce. Af, idan mutanen gaske ne, ka sa lambobi a madadin sunayensu kafin fayil ɗin ya bar hannunka. Wa ke zama da wa ba ƙaramin sirri ba ne a unguwa.

Mataki na shida: jijjiga sakamakon

Mutane suna mantuwa in ana yi musu tambaya. A ce malami shi ma yana zama da dillalin nan duk mako, amma bai tuna ya faɗa ba. Ƙara layin da `G.add_edge("malami","dillali")` ka sake lissafi. Yawan hulɗar direba yana nan a 3, bai motsa ba. Makinsa na gada kuwa ya faɗo daga 12 zuwa kusan 1.7, domin mai shayi, mai wanki da makaniki sun samu hanya mafi gajarta ta wajen malami. Layi ɗaya da aka manta ya sauke shi daga na farko.

Shi ya sa duk wanda ya fito da babban maki a zama gada, nakan koma wajen mutanen ɓangarorin biyu in sake tambaya: da gaske ba ku da kowa a can sai wane? Haka kuma iyakar da ka yanka wa taswirar tana da tasiri. Manomi ya fito da layi ɗaya ne saboda ba mu shiga ƙauyensu mun yi tambaya ba, ta yiwu a can shi ne mai tara jama'a. Kuma kusanci da gada duk sun ɗauka cewa magana gajeriyar hanya take bi, alhali jita-jita ba ta san wannan doka ba.

To, wa za a kira?

Ya danganta da abin da kuka fi tsoro. In tsoronku kada ranar Asabar ta zo kujeru babu kowa, ku zauna da mai shayi, mutum biyar za su ji daga bakinsa kafin la'asar. In tsoronku kada bayanin ya lalace a hanya, misali lokaci da wuri da abin da za a zo da shi, tela ya fi, don ba wanda ya fi zango uku daga gare shi. In kuwa an shirya gwajin ne har da mutanen hanyar Jibiya, to ko mai shayi ya yi shela har dare, dillali da manomi ba za su ji ba sai direba ya ɗauka. A wannan taswirar ni tela zan zaunar in yi wa bayani, tunda shi ne na biyu a yawan hulɗa, na farko a kusanci, kuma yana ganin direba duk mako, sannan in roƙe shi musamman ya tabbatar saƙon ya shiga motar Jibiya kafin Juma'a.