Yadda na mai da rahoton haɗarin wurin aiki gurabun rumbun bayanai

Rahoton ya zo mini a sakin layi ɗaya: ma'aikaci ya zame a kan man da ya ɗiga daga inji ranar 03/04/2024, ya yanki tafin hannu, gwiwarsa kuma ta bugu. Aka goge man, aka ce za a sauya robar da ke hana yoyo.

Kwanan watan ne ya fara tsayar da ni, don 03/04 na iya zama 3 ga Afrilu ko 4 ga Maris. Littafin halarta ya nuna Afrilu ne, sai na shigar da shi 2024-04-03 bisa tsarin ISO 8601, wato shekara, wata, sannan rana. Ranar kai rahoto kuma na ware mata gurbinta daban.

Wajen dalili aikin ya fi cin lokaci. Tsohon teburin rumbun bayanan gurbi ɗaya gare shi na dalili, kowa sai ya rubuta "zamewa". Ai zamewa abin da ya faru ne. Dalilin kusa shi ne man da ke ƙasa, tushensa kuwa robar da ta lalace. Na raba su uku: `event_type`, `immediate_cause`, `root_cause`. Da an bar su a haɗe, duk mai neman haɗurran da yoyon inji ya jawo ba zai ga wannan ba.

Raunin biyu ne, don haka na buɗe teburin `injuries`, layi ɗaya ga kowane rauni, da nau'insa da sashen jiki, an ɗaure su da `incident_id`, wato lambar haɗarin. Matakan gyara ma haka na yi musu: goge mai an kammala, sauya roba yana jira, da mai alhakinsa da wa'adinsa. Asalin labarin kuma na ajiye shi cikakke a `narrative`.