Takardar ƙarshen shekara ga kwamitin odita: inda aka fi yin kuskure

A Najeriya, dokar kamfanoni ta 2020 ta tanadi mutum biyar a kwamitin binciken kuɗi na kamfanin da jama'a ke da hannun jari a ciki: masu hannun jari uku da daraktoci biyu waɗanda ba sa cikin masu gudanarwa. Ba kullum suke ofis ba. Abin da shugaban oditan cikin gida ya rubuta musu game da manyan matsalolin da ba a gyara ba, shi ne idonsu.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɓoye wa'adin farko. A ce a watan Maris an gano cewa akanta ɗaya yana iya sauya lambar asusun ɗan kwangila, kuma shi ne ke amincewa da biyansa. Shugaban sashen kuɗi ya yi alkawarin raba aikin kafin 30 ga Yuni. Aka ɗaga zuwa Satumba, aka sake ɗagawa zuwa 31 ga Disamba. Idan takardar Nuwamba ta nuna wa'adin Disamba kaɗai, kwamiti zai ɗauka ba a makara ba, alhali an haura wata huɗu da cikar wa'adin farko, kuma ƙofar tana nan a buɗe. A rubuta wa'adin farko, da sau nawa aka ɗaga, da wanda ya ba da izini. A kuma faɗi naira nawa aka biya ta wannan hanya tun Maris, don "akwai rauni a tsarin biya" ba ya nuna wa kowa girman haɗarin.

Daga nan sai rufe matsala da fatar baki. Manaja ya ce an gyara, odita ya cire ta daga jeri. Kafin a cire, a ɗauko jerin masu izinin shiga manhajar biya, a ga ko an janye wa akantan izini ɗaya. A zaɓi wasu daga sauye-sauyen lambar asusu da aka yi bayan gyaran, a tabbatar wani ne daban ya amince da kowanne. In ba a yi wannan ba, a rubuta: "Sun ce an gyara, ba mu tantance ba tukuna."

Wani lokaci masu gudanarwa sun yanke shawarar zama da haɗarin, wataƙila don ƙarancin ma'aikata. Kada a kira wannan "ana kan aiki". A ware shi da sunan muƙamin wanda ya yanke shawarar, kuma idan odita yana ganin haɗarin ya wuce kima, ya faɗa ƙarara.

Binciken da ke cikin tsarin shekara amma ba a yi shi ba, shi ma a ambace shi da dalili, kada shiru ya zama tamkar shaidar lafiya. Shafin farko kuwa ya buɗe da abin da ake nema daga kwamiti, misali ya kira shugaban sashen kuɗi zama na gaba ya zo da shaidar gyara.