Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Lissafin Iyakar Nyquist da ta Shannon

Layin tarho na waya irin na dā yana ɗaukar mita daga 300 zuwa 3,400 Hz. Ke nan faɗin zangonsa 3,100 Hz ne. A kan layi mai kyau, ƙarfin sigina yakan ninka na hayaniya kusan sau dubu, abin da injiniyoyi ke rubutawa 30 dB. Da waɗannan lambobi biyu kaɗai za a iya faɗar iyakar bayanan da layin zai ɗauka a daƙiƙa ɗaya. Lissafin gajere ne, amma ɗalibai da yawa suna fitowa da amsoshi uku ko huɗu mabambanta, kowa kuma yana rantsuwa ya bi ƙa'ida.

Ƙa'idar da Claude Shannon ya fitar a 1948, yana aiki a Bell Labs, ita ce:

```
C = B × log2(1 + S/N)
```

C ita ce iyakar bit a daƙiƙa, B faɗin zango, S/N kuma ninkin ƙarfin sigina a kan hayaniya. Ga amsar layinmu tun kafin a shiga kurakurai: log2(1001) ya kai 9.97, a ninka shi da 3,100, a samu kusan bit 30,900 a daƙiƙa.

Zuba desibel kai tsaye cikin ƙa'idar

Wannan ya fi kowane kuskure yawa. Tambaya ta ce 30 dB, sai ɗalibi ya rubuta 1 + 30, ya sami kusan 15,400. Rabin amsar ya tafi. Dalili shi ne desibel ma'auni ne da aka riga aka matse shi da logaridim, ita kuwa ƙa'idar tana son ɗanyen ninki. Dole a warware shi tukuna:

```
S/N = 10^(dB/10) = 10^(30/10) = 1000
```

A raba da 10, ba da 20 ba. Ana amfani da 20 ne idan ana kwatanta boltej, a nan kuwa ƙarfin wuta ake kwatantawa.

Maɓallin log na kalkuleta

Maɓallin da aka rubuta wa `log` a kan yawancin kalkuleta na tushe 10 ne. Wanda ya danna shi ya tsaya a nan zai ga 3, ya ninka, ya sami kusan 9,300. Gyaran shi ne a raba abin da ya fito da `log(2)`, wato 0.301.

Akwai hanyar duba amsa da ka, kuma ina ganin ta fi haddar ƙa'idar amfani. Idan sigina yana da ƙarfi sosai, kowane 3 dB yana ba da kusan bit ɗaya a kan kowane Hz. To 30 dB bit 10 ke nan, a ninka da 3,100, ya ba da 31,000. Duk amsar da ta yi nisa da wannan, a koma a duba. Sai dai dabarar tana lalacewa idan sigina ya raunana. A 0 dB za ta ce babu abin da zai wuce, alhali 0 dB na nufin sigina da hayaniya sun yi kunnen doki, S/N ya zama 1, log2(2) ya zama 1, layin kuma zai iya ɗaukar bit 3,100 a daƙiƙa. Wannan shi ne aikin "1 +" ɗin da wasu ke jefarwa don suna ganin ba shi da amfani.

Ɗaukar Nyquist da Shannon a matsayin kishiyoyi

A nan ne rashin fahimtar ya fi zurfi. Mutum ya lissafa biyun, ya ga amsoshi sun saɓa, sai ya fara tambayar wanne ne daidai. Ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Abin da Harry Nyquist ya nuna a 1928, a bincikensa kan wayar tangaraho, shi ne layi mai faɗin B ba zai ɗauki alamomi fiye da 2B a daƙiƙa ba tare da sun fara hawa kan juna ba. Alamomi ya ƙirga, ba bit ba. Yawan bit ɗin da ke cikin kowace alama ya danganta da matakai nawa alamar ke iya ɗauka, wato M:

```
C = 2B × log2(M)
```

A layinmu, alamomi 6,200 ne a daƙiƙa. Da matakai biyu, bit 6,200. Da matakai huɗu, 12,400. Da goma sha shida, 24,800. Tunda babu hayaniya a cikin wannan ƙa'ida, a takarda ana iya ta ƙara M har abada. A kan waya ta gaske kuwa ƙarfin mai aikawa yana da iyaka, don haka ƙara matakai na nufin matso da su kusa da juna. Kamar mai awo ne da ya ƙara zana layuka a jikin mudu ɗaya: idan hannunsa na rawa, ba zai iya bambance layin sama da na ƙasa ba. Hayaniya ita ce rawar hannun, Shannon kuma shi ne ya faɗi inda abin zai tsaya.

Saboda haka tare ake aiki da su. A fara da Shannon a san rufin, 30,900. A raba da 6,200, a samu bit 4.98 a kowace alama. Nan ma akwai tarko: da yawa sukan cike shi zuwa 5, su ce matakai 32. Amma matakai 32 suna ba da 31,000, wanda ya ɗan haura rufin. Idan kowace alama za ta ɗauki cikakkun bit na bayani, a 16 za a tsaya. Ko hakan ma ba kyauta yake zuwa ba, domin kusantar rufin Shannon sai da dabarun gyara kuskure masu ƙarfi. Shi ya tabbatar cewa irin waɗannan dabaru suna yiwuwa, bai faɗi yadda za a ƙera su ba, injiniyoyi suka shafe shekaru gommai suna nema.

Zaton ninka ƙarfi zai ninka gudu

A ninka ƙarfin sigina, S/N ya koma 2,000. Amsa ta tashi daga 30,900 zuwa kusan 34,000 kawai. An kashe wuta ninki biyu don ƙarin kashi goma cikin ɗari.

Faɗin zango ya fi biya, amma shi ma ana yi masa zato fiye da kima. Idan aka buɗe zangon zuwa 6,200 Hz aka bar ƙarfin sigina yadda yake, hayaniyar da ke shigowa ita ma ta ninku, S/N ya sauko 500. Amsa ta zama kusan 55,600, ba 61,800 ba. Kafin a ninka, a karanta tambayar da kyau: S/N aka ce bai canza ba, ko ƙarfin sigina?

"Ai modem na 56k ya karya dokar"

Modem na ma'aunin V.34 ya tsaya a bit 33,600, kuma sai a layi mai tsabta, wanda ya fi 30 dB. A 35 dB lissafinmu yana ba da kusan 36,000, ke nan yana ƙarƙashin rufi. V.90 da ya zo a 1998 da 56,000 bai tsallake komai ba, layin ne ya canza. A wancan lokacin kamfanin intanet yana haɗe da cibiyar tarho ta hanyar dijital, don haka bayanan da ke saukowa ba sa bi ta na'urar da ke mai da sauti lambobi, wadda ita ce babbar mai ƙara hayaniya. Cibiyar tana aika samfuri 8,000 a daƙiƙa, ana cin moriyar bit 7 a kowanne, 56,000 ke nan. Bayanan da ke hawa daga gida kuwa dole su bi ta wannan na'ura, shi ya sa a V.90 suka ci gaba da tsayawa a 33,600.