Shafin biyan kuɗin wuta ya ƙi buɗewa

A shagonmu na buga takardu a nan Tawa, kwamfutar ba ta kwana a kashe, sai dai mu rufe murfinta. Wata safiya shafin biyan kuɗin wuta ya ce burauzarmu Chrome, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta tsufa. Ƙanena ya ce, "Yaya, ai Chrome da kanta take sabuntawa." Gaskiyarsa, amma rabin aikin ke nan.

Burauza tana sauke sabon zubi a ɓoye ne saboda toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi, don in an bar wa mutane, ba za su yi ba. Sai dai ba ta iya musanya fayilolin da take aiki da su a lokacin. Sabon yana ajiye a faifai, tsohon na ci gaba da gudu har sai an rufe burauzar an sake buɗe ta. Rufe murfi kuwa barci ne kawai.

Na rubuta `chrome://settings/help` a wurin adireshi, na ga maɓallin Relaunch, wato na sake buɗe burauzar, yana jira. Na adana fom ɗin da nake cikewa tukuna, don shafuka suna dawowa amma rubutun ciki kan ɓace, shafukan sirri na Incognito kuma ba sa dawowa sam. Na danna, lambar zubin ta canza, shafin ya buɗe.