Darasi na 6: Lissafin kwanakin konje na ma'aikata a Excel

Toh, a nan Nijar dokar aiki ta 2012 ta ba ma'aikaci kwana 2 da rabi na konje a kowane wata da ya yi aiki, shekara ta cika ya tara kwana 30 kenan, kuma da Lahadi ake ƙirgawa. Ku buɗe shafi biyu a Excel, ɗaya Maaikata ɗaya Konje.

A shafin Konje kowace buƙata da layinta: A lambar ma'aikaci, B ranar tahiya, C ranar ƙarshe, D kwanaki, E matsayi, wato Amince, Jira ko Hana. Lamba za ku sa ba suna ba, don a biro ɗaya nan Maradi sai ku iske masu suna iri ɗaya har ukku. A D2 ku rubuta:

```
=C2-B2+1
```

Kar ku manta +1 ɗin nan, in ba haka ba wanda ya huta daga ran 3 zuwa ran 12 sai ordinatar ta ba shi 9 alhali kwana 10 ne.

A shafin Maaikata: A lamba, B ragowar bara, C watannin da ya yi bana, D abin da ya tara, E abin da ya ci, F saura.

```
D2: =C2*2,5
E2: =SOMME.SI.ENS(Konje!D:D;Konje!A:A;A2;Konje!E:E;"Amince")
F2: =B2+D2-E2
```

Mu ɗauki mai gadi, lamba M07. Ya shigo bana da ragowar kwana shidda, ƙarshen watan 8 ya tara 20, duka 26. Ya nemi konje sau ukku, kwana 10 an amince, kwana 4 patron ya hana, kwana 5 takarda na bisa tebur ba a sa hannu ba tukuna. 10 ɗin kawai za a cire, F ta nuna 16. Ranar da aka sa hannu ku canza Jira zuwa Amince, da kanta za ta sauka 11.

Wurin matsayin nan ne aiki ke ɓaci wallahi. Na taɓa ganin sakatare ya rubuta "Amice" da sauri, formil ɗin bai gane kalmar ba, mutum ya je ƙauye ya dawo amma F na nan 26, sai da aka zo biyan shi haƙƙinshi rigima ta tashi kuma shi bawan Allah bai san komi ba. Ko fili ɗaya kuka bari bayan kalmar haka za ta faru. Don haka ku zaɓi E na shafin Konje duka, ku shiga Données, Validation des données, Liste, ku sa Amince;Jira;Hana, daga nan zaɓa kawai ake yi ba rubutawa ba.

Ƙarshen shekara ku adana kopi na fishiyen, sannan ku kwafi F ku liƙa a B da Collage spécial, Valeurs, don liƙawa haka kawai formil ke tahowa ba adadi ba. Sai kun gama wannan za ku maida C na Maaikata sifiri ku share duk layukan da ke da Amince a Konje.