Darasi na 7: Yadda ake gane igiyar caja ta jabu

Toh jama'a, yau a ɗauko igiyar caja, wato wayar nan da ke tashi daga kan caja zuwa cikin waya. Kowa ya riƙe tasa. Kar wanda ya ji kunya, a hankali za mu bi.

Abin da ke ɗaukar wuta a cikinta jan ƙarfe ne, shi kuma jan ƙarfe nauyi gare shi. Masu yin jabu sai su rage shi ya zama 'yan silili kaɗan, ko su sa alminiyom su shafe shi da jan ƙarfe a sama, alminiyom kuwa bai kai rabin nauyin jan ƙarfe ba. Siririyar waya ba ta wuce da wuta sosai, shi ya sa caji ke jan ƙafa igiyar kuma ta ɗau zafi.

In kun shiga kasuwar Sabon Gari ku tafi da tsohuwar igiyar da ta zo a kwalin waya. Ku naɗe ta a tafin hannun dama, sabuwar a na hagu, amma tsawonsu ya zama ɗaya. Ku ji nauyi. Sai ku sauya hannu ku sake ji.

Nan ne kullum ake kuskure. Nauyi na ce, ban ce kauri ba. Wancan makon wani dattijo a ajinmu ya zo yana murna, ya ce "Malam kalli wannan, kamar igiyar ɗaure akuya." Na ce Baba aza ta a hannu, ya aza, shafal. Muka yanka ta da reza, duk roba ce, wayar ciki kamar gashin kai. Kauri na roba ne, nauyi na jan ƙarfe. In idonku na ruɗinku ku rufe shi ku auna. Haba jama'a, sau nawa zan faɗa, har yanzu wasu da ido suke aunawa! Nauyi, ba kauri ba. Kuma wata ana sa mata kan ƙarfe don ta yi nauyi, saboda haka ku bar kawunan su rataya, tsakiyar za ku auna.

Sai rubutun da ke jikin igiyar. Ku murza shi da babban yatsa, in ya goge ko ya yi dishi-dishi, ku ajiye. Ku bi sunan kamfanin harafi bayan harafi da na kwalinku, kun dai iya haruffa yanzu.

Sai kan igiyar. Ku lanƙwasa wuyan a hankali, robar wajen kar ta buɗe baki. Ƙarfen bakin kar ya yi motsi. Ku sa a waya tun a shagon, in yana rawa ko sai an danne yake caji, ku mayar wa mai shago.